Ƙyallen Tatar Inna Safiyatu

Tun ina yarinya Inna Safiyatu ke yin awara a Maruta, kuma tsabtarta har haushi take ba mutane. Ƙyallen da take tace ƙullun waken suya da shi, ko 'ya'yanta ba sa taɓawa. Farin yadi ne mara kauri, zare a tsaye, zare a kwance. Takan ce irin wannan saƙar ko ka murɗe ta iya ƙarfinka ƙofofinta ba sa buɗewa, madara ta wuce, dusa ta tsaya.

Bara ciwon hannu ya kama ta, daidai lokacin da Alhaji Hambali mai shago ya ba ta aikin awarar sunan jikansa. Dole ta bar wa Nasiha, matar ɗanta Ashiru, tata da suya. Nasiha kuwa ta ajiye ƙyallen a bakin murhu, wuta ta ci rabinsa, ta yi shiru da bakinta.

Da farko ta ɗauko jakar nan da ake rabawa a biki. Wannan ai ba saƙa ba ce, zaren roba ne aka baza aka danne da zafi, amfaninta ɗaukar kaya marasa nauyi. Murɗa ɗaya ta fashe. Sai baiwar Allah ta shiga ɗaki ta fito da singiletin mijinta, wadda yake zuwa gona da ita!

Na ci awarar nan a gidan suna, har da ƙari. Na dai ji tana ɗan ƙasa-ƙasa a baki. Da aka kai wa Inna nata, gutsura ɗaya ta yi ta tofar.

"Nasiha, da me kika tace?"

"Da ƙyalle mana, Inna."

"Dusa ta wuce. Yadi mai talewa kika sa, mai saƙar madauki cikin madauki. Don ya bi jiki aka yi shi, kina matsawa yana buɗewa. Kawo shi in gani."

Ina tsaye a gidan nasu aka kawo singiletin. Wuyanta ya yi baƙi da tsohon gumi, ga dusa maƙale a jiki.

"Ai na ɗauraye ta," in ji Nasiha, ko kunya babu.

Na roƙi Inna ta rufa wa kanta asiri, tunda an riga an cinye. Ta ce ba za ta ciyar da mutane dattin jikin ɗanta kuma ta yi shiru ba. Ta yafa mayafi ta je ta faɗa wa matar Alhaji, kafin magariba zancen ya gama gari.

Hannun ya warke, ta sayo sabon farin yadi a kasuwar Gwaram. Kullum da yamma takan soya awara mai kyau ta zauna da ita a ƙofar gida. Mutane na yabon gaskiyarta, su gaishe ta da ladabi, su wuce ba su saya ba.