Katakan da ke Saman Gadon Mamata

Har yau ina tuna benen katakon da Kawu ya ɗora a gidanmu na Zongo. Dilolin atamfarsa sun yi wa shagonsa na kasuwar Asigame yawa, sai ya ce a yi masa ma'aji a saman ɗakin mamata, ƙanwarsa. Ni kuwa na gama karatun gini da Faransanci a Tokoin, na zauna na yi masa lissafi.

Faɗin ɗakin mita huɗu ne. Na ce katakan da za su ɗauki daɓen su zama masu tsayin santimita ashirin da biyu da rabi, kauri bakwai da rabi, a tsayar da su a kan gefe. Na duba abu uku: kada tsakiya ta karye, kada bakin da ke kan bango ya tsage, kada lotsawa ta wuce kaurin ɗan yatsa. Na ce a zaɓi masu miƙaƙƙiyar jijiya, domin katako bin jijiyarsa yake tsagewa.

Da na dawo daga aiki a Agoè, na tarar kafinta ya kwantar da su a kan faɗi, wai don saman ya ƙara ɗaukar kaya. A kwance ƙarfinsu ya koma kashi ɗaya cikin uku, lotsawa ta ninka tara. Ya kuma sare ƙasan bakinsu don su zauna a bango, daidai inda tsagewa ke farawa. Na tsakiyan, wanda ke saman gadon Mama, jijiyarsa a karkace take. Kawu ya zaɓe shi don zanensa ya fi kyau.

"Kawu, wannan ba zai ɗauka ba," na ce.

"Tun ba a haife ki ba kafintan yake aikin nan," in ji Kawu. "Katako ba ya jin Faransanci."

Kafinta ya yi dariya. Na ji ƙyama ta kama ni, ba ta jahilcinsa ba, ta yadda manya suka tsaya suna gyaɗa kai.

Kafin Sallah aka jibga diloli. Na ja zare daga bango zuwa bango, yatsuna huɗu suka shige tsakanin zaren da katakon a tsakiya. Tsaga ta fito daga wurin saran nan. Na nuna wa Kawu, washegari ya sa aka buga silin ya rufe komai, har da fenti.

Na roƙi Mama ta dawo ɗakina.

"In kunyata Yaya a gidansa? Allah na nan," ta ce.

Sai na ɗauko tokaran ƙarfe biyu daga wurin aikinmu, na gitta katako a kansu, na tokare tsakiyar ɗakin. Suna nan gefen gadonta, tana rataye hijabi a jiki. Kullum da safe sai na duba su kafin in gaishe ta.

Ran Sallah na ji Kawu yana nuna wa baƙi benen.

"'Yarmu injiniya ce," ya ce. "Ita ta yi lissafin."