Cokalin Waken Baba Tela

Baba Tela bai san rabi-rabi ba. Idan ya hau keken ɗinki da safe, sai sallah ce ke tashe shi. Tun yana saurayi abincinsa shayi da farin burodi da farar shinkafa. Ruwa kuwa kurɓa yake yi kamar magani, don banɗakin kasuwa da nisa. Da girma ya zo, ciki ya ɗaure. Sai ya yi kwanaki bai zaga ba, ran da ya shiga kuma har tsakar gida ake jin nishinsa.

Auta, 'yarsa da ke masa girki, ita ta kai shi asibiti. Likita ta ce wake da ganye da hatsin da ba a cire wa dusa ba su ne maganin, amma a hankali, abu ɗaya bayan ɗaya, da ruwa da yawa, har hanji ya saba. In aka yi gaggawa, kumburi ne da iska.

Auta ta bi abin da haƙuri. Ta jiƙa wake ya kwana, ta zubar da ruwan, ta dafa shi luguf, ta sa masa cokali guda a gefen shinkafa.

"Wannan na kaza ne ko nawa?"

"Naka ne, Baba. Ci ka sha ruwa."

Da ta ga cikin bai yi ƙorafi ba, ta ƙara cokali, daga baya alayyafo ya shigo. Nishin ya ragu. Auta ta yi murna har ta yi kuskuren faɗa masa wake ne ya yi aikin.

Ai kuwa mutumin naku ya yi nasa lissafin: in cokali ya yi haka, ina ga kwano? Da rana ya sayi wake cike da kwano a kasuwa, ya haɗa da ɗanyen kabeji da burodin alkama, ya share, bai bi da ruwa ba. Kafin la'asar ciki ya yi tam. Ya durƙusa yana awon wandon wani ango, abokan ango na tsaye, sai iskar ta ƙwace masa. Ba wanda ya yi dariya, kuma shirun nan ya fi yi masa ciwo.

Ya dawo gida da wuri, fuska a murtuke.

"Kin kunyata ni, Auta. Ni da wake har abada."

"Baba, ba waken ba ne, yawan ne. Mu koma cokali ɗaya."

"Na rantse."

Ta roƙa, ta kira yayyenta, ta yi kuka a kicin. Ta gwada markaɗa waken a miya, ya shinshina ya ture. Ganyen ma ya haɗa da shi cikin rantsuwar.

Yanzu kullum da safe tana tsaye da buta a bayan ƙofar banɗaki, tausayinsa na cin ta, ga magani a tukunya ba mai sha.

"Baba, lafiya?"

"Tafi ki sayo burodi," in ji shi daga ciki, yana nishi. "Fari."