Faifan da na kawo wa Auta

Ranar na tashi da gajiyar tafiya, don a jiyanta na dawo daga taron masana harhaɗa magunguna a ƙasar waje. Na tarar da Auta zaune a bakin akwatina, bai buɗe ba, amma ya dafa shi da hannu biyu.

"Mama, gadinsa nake yi, kada Yaya ta yi miki ɓarna."

"Ji maƙaryaci," in ji yayarsa daga ɗakin girki. "Tun asuba yake shinshina shi kamar kyanwa."

Shi ne na biyu kuma na ƙarshe a 'ya'yana. Shekararsa ashirin da biyu, an haife shi da ciwon sikila. Ya fara jami'a ya bari, saboda kwanakinsa a asibiti sun fi na aji yawa. Daga nan ya kama aiki a shagon buga takardu da ke bakin titinmu, inda ya yi suna wajen gyara wa ɗalibai rubutu ba tare da sun roƙe shi ba. In jikin ya ƙi, yana ɗaki da na'urar gem, ta wasa a talabijin, da mahaifinsa ya saya masa a nan gari. Ya ce idan hannunsa na kan maɓallai, ciwon kan ja baya kaɗan ya tsaya a bakin ƙofa.

Akwai wasa ɗaya da ya fi so, na wani matuƙin jirgin ruwa da ke neman ƙaninsa tsibiri bayan tsibiri. Ina ninke kaya a gefensa har na san labarin. Kashi na farko ya ƙare ne daidai inda matuƙin ya sa hannu zai tura wata ƙofa. Kashi na biyu ya fito a can ƙasar da na je, bai iso nan ba. Shi ya roƙe ni in sayo masa.

Da hantsi ya ɓare ledar faifan a hankali da farce, ya sa shi a na'urar. Na'urar ta yi ƙugin da ta saba, sai allon ya yi duhu, rubutu ya fito cewa a sa faifan da ya dace. Ya fitar, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Rubutun ya dawo. Sai ya juya kwalin, ya duba wata 'yar alama a kusurwa, ya ɗauko kwalin tsohon faifansa ya haɗa su. Haruffan ba iri ɗaya ba ne.

"Jabu suka ba ni?" na tambaye shi.

"A'a Mama, na gaske ne. Baƙo ne kawai, ba shi da biza."

Ya yi mini bayani yana dariya, ko da yake na ga fuskarsa ta faɗi. Masu ƙera na'urar sun raba duniya yanki-yanki, don su fitar da wasa a kowane yanki lokacin da suka ga dama, a farashin da suka ga dama, da harshe da dokokin wurin. Kowane faifai na ɗauke da shaidar yankinsa, na'urar kuma tana duba wannan shaidar kafin ta karanta komai. In ba ta yankinta ba ce, sai ta ƙi. Faifan lafiya lau, na'urar lafiya lau. Ya ce shi ya manta bai ce in duba alamar ba. Na ce ni ma ban tambaya ba. Muka bar maganar a nan.

Bayan azahar muka je wurin mai gyara, a wani layi na kasuwar kayan lantarki mai warin dalma. Sun san juna.

"Injiniyan takarda! Yau da Hajiya aka zo kai ƙara?"

Ya kifa na'urar, ya karanta lambar ƙasanta, ya tsotsi haƙori. Ya ce hanya biyu ce. Ko a samo na'ura ta wancan yankin, wadda babu a kasuwar, ko ya buɗe wannan ya liƙa mata wani ɗan ƙaramin guntu da zai sa ta daina tambayar shaida. In hannu ya goce, na'urar ta mutu, kuma garanti ya tafi tun daga cire ƙusa ta farko. Guntun da ke hannunsa ma ba na wannan samfurin ba ne, sai an aiko.

"Yaushe?" in ji Auta.

"Kaya na hanya. Amma ka sani, nasarorin da ka tara a kashi na farko, da ke cikin katin ajiyarka, ba za su shiga wannan ba. Shi ma yankinsa daban. Matuƙinka daga tsiya zai faro."

"Ba komai, ni ƙofar nake so a buɗe."

Da la'asar ya leƙa shago ya yi aikin awa guda. Da yamma ya ci abinci sosai, ya tsokani yayarsa kan saurayinta mai takalmi mai tsini. Ya karanta bayan kwalin da ƙarfi, ya ajiye shi a kan talabijin.

Washegari ƙirjinsa ya kama. Mun saba, jakar asibiti ma a shirye take koyaushe. Wannan karon numfashi ne ya yi wuya. Na san sunan kowane magani da aka rataya masa da adadin da ya kamata, kuma duk daidai aka ba shi. Idan ya ɗan samu sauƙi sai ya zame abin iskar daga hancinsa.

"Mama, an kira?"

Kowace safiya ina kiran mai gyara daga barandar asibiti. Mahaifinsa ya zagaye shaguna yana nuna alamar kwalin, ko wani na da na'urar can. Yayarsa ta tambayi duk wanda ta sani da ɗan'uwa a waje. An samu ɗaya da ya yarda ya aiko, amma sai wata mai zuwa. Na ce wa Auta in sa a binciko mana ƙarshen labarin in gaya masa. Ya girgiza kai. Ya ce ba labari yake so ba, so yake ya tura da hannunsa.

Ya rasu ranar Talata, da rana tsaka.

Bayan mutane sun watse daga zaman makoki, mai gyara ya kira. "Hajiya, albishirinku, a gaya wa Injiniya kaya sun iso." Na gaya masa Auta ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya, ina jin hayaniyar kasuwa ta bayansa.

Duk da haka na kai na'urar. Ya yi aikin, ya sa faifan. Na'urar ta karɓa. Hoton ya fito baƙi da fari, ya ce tsohuwar talabijin ɗinsa ce ba ta gane tsarin launin can ba. Ga teku, ga jirgin, ga rubutu yana ƙiftawa a danna a fara. Ya miƙo mini abin dannawa. Na riƙe, ban san inda yatsu ke zama ba. Na ce ya kashe.

Tufafinsa mun raba wa abokan aikinsa na shago. Magungunan da ba a buɗe ba na mayar asibiti. Yayarsa ta ɗauki agogonsa, mahaifinsa ya ɗauki hularsa ta sanyi. Na'urar na ba wani abokinsa da suke haɗuwa a layin ganin likita, tare da duk faya-fayen, ban da wanda na kawo masa. Wannan yana cikin kwalinsa a kan talabijin inda ya ajiye shi, na sa katin ajiyarsa a ciki.