Ranar da 'Yata Ta Haihu a Hannun Wata

Ni na koya wa ƙaramar sista yadda ake sa safar hannu. Da wannan nake farawa duk lokacin da zan ba da labarin nan, don kada a ce ƙorafina ba shi da tushe. Ta zo ƙaramin asibitin haihuwarmu na Mamobi tana 'yar siririya, takardar makaranta ko laushi ba ta yi ba, ni kuwa na riga na karɓi haihuwar rabin yaran unguwar Nima. Kafin shekara biyu mata sun fara leƙo kai ta taga suna tambaya, "Ƙaramar sista tana nan?" Wai hannunta da sanyi, wai ba ta tsawa. To, ni ina tsawa. Macen da ba a yi wa tsawa ba sai ta kwanta tana salati yaro na shan wuya. Amma abin ya tsaya mini a rai, ba na ɓoyewa.

Sai ga 'yata ta fari da ciki. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ballantana ta tsaya a kanta tana naƙuda. Haka uwata ta yi mini, haka na yi. Na ɗauka za ta je wurin wata tsohuwar abokiyar aikina. Ina, wurin ƙaramar sista ta yi awo wata tara, ni ko katinta ban taɓa buɗewa ba, saboda kunya da kuma jin haushi.

Ranar wata Laraba da hantsi ina zaune a benci a waje kamar baƙuwa, da kayan aikina a jikina, na ji kukan jariri. Namiji ne, ƙato, bayan naƙuda ta kwana da wuni. Mai sayar da koko a bakin ƙofa tana yi mini barka, sai na ji ƙarar bokiti a ciki, sannan muryar ƙaramar sista, ba ihu, tana cewa a kawo ƙarin ruwa, a buɗe allura babba. Na san abin da wannan muryar ke nufi. Na tura ƙofa.

Jini yana bin gefen gado yana ɗiga ƙasa. 'Yata ta yi fari fat, leɓenta ya bushe. Ƙaramar sista ta dafa cikinta tana murza mahaifar da ƙarfi. Mahaifa idan ta sauke kaya dole ta dunƙule ta yi tauri, wannan dunƙulewar ce ke matse jijiyoyin da mabiyiya ta bari a buɗe. Na kai hannu na taɓa ta 'yata, na ji ta laɓe-laɓe kamar ƙullin da bai kwana ba. Babban yaro da doguwar naƙuda sun gajiyar da ita.

"Kin zubar da fitsarin?" na tambaya, don mafitsara idan ta cika takan hana mahaifa tsukewa.

"Na sa roba, Anti. Na yi mata allurar tsuke mahaifa, oksitosin, wani yana cikin ruwan."

"Mabiyiya fa?"

Ta nuna mini tasa da haɓa. Na juya mabiyiyar a hannuna ina neman inda ya gutsure, wallahi har ina fatan in samu, in ce ga kuskurenki. Cikakkiya ce, ba abin da ya rage a ciki. Na haska fitila na duba ko yagewa ce a ƙasa ko a bakin mahaifa, babu. Ta riga ta ɗibi jini a 'yar kwalba ta ajiye, ya daskare yadda ya kamata. Duk abin da na tambaya ta riga ni, kuma da tsarin da na koya mata.

Saura allura ɗaya, wadda muka fi dogara da ita a wancan zamani, ergometirin. Na fasa kwalbar na zuƙa. Na kama cinyar 'yata ke nan sai ƙaramar sista ta ce, "Anti, ajiye. Tana da hawan jini tun wata bakwai. Wannan za ta iya sa ta jijjiga, ko jijiya ta fashe mata a ka."

Na tsaya da sirinji a hannu. Wata biyu 'yar tawa tana zuwa gidana tana cin tuwona, ƙafarta a kumbure, na gani na kau da kai don ba a tambayar 'yar fari. Wata can ta sani, ni ban sani ba. Tsoro ya kama ni, amma kishi ya riga shi isowa, Allah ya yafe mini.

Jinin bai tsaya ba. Ƙaramar sista ta sake safa, ta dunƙule hannu ɗaya ta shigar ta ƙasa, ɗayan ta danna ta kan ciki, ta haɗa mahaifar tsakanin hannuwanta ta matse. Nan take zubar ta ragu. Ba mu da ɗakin tiyata, sai babban asibiti. Aka ɗauke su su biyu a haka zuwa mota, tana durƙushe tsakanin ƙafafun 'yata ba ta saki ba. Ni aka miƙa wa ledar ruwa in ɗaga.

Hanyar Nima ta cushe da motocin haya na trotro, direba yana zagi da yaren Twi yana danna oda. Na ga gumi na bin wuyan ƙaramar sista. Na ce, "Kawo in karɓe ki."

"Idan na saki za ta zuba, Anti. Ɗaga ruwan sama."

Na ɗaga.

A babban asibiti likita ya fito ya yi mini bayani a tsaye, da sauri, kamar ba ungozoma ba ce ni. Za su sa mata jini, su sa ta barci, su sake laluba cikin mahaifar, su cusa bandeji su toshe. Idan bai yi ba za su buɗe ciki su ɗaure jijiyoyin da ke kai wa mahaifa jini. Idan wannan ma bai yi ba, sai cirewa gaba ɗaya. Mijinta yana can unguwar Madina ana nemansa, don haka ni aka ba takarda. Na sa hannu a kan a cire wa 'yata mahaifa a haihuwarta ta fari in ta kama. Ƙaramar sista ta shiga da su, don har lokacin hannunta yana ciki. Ni na sake komawa benci.

Bayan la'asar ƙaramar sista ta fito, yatsunta sun ƙi miƙewa, tana ta murza su. Bandejin bai riƙe ba, sun buɗe, sun ɗaure jijiyoyin gefe biyu, mahaifar ta tsuke. Ba a cire ba. Na so in rungume ta, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Je ki wanke rigarki."

Washegari da safe na shiga ɗakin da aka kwantar da 'yata. Ba kowa a gefenta. Na ɗora hannu a kan cikinta a hankali, gefen ɗinkin, na ji mahaifar ta yi tauri. Ta motsa, idonta a rufe, ta kamo yatsuna ta riƙe.

"Sista," ta ce, murya can ƙasa, "kada ki gaya wa Mma yadda abin ya yi muni. Tana da tsoro, tsawar ce kawai."

Ban gyara mata ba. Na bar hannuna a inda yake har ta koma barci.