Bidiyon Jar Saniyar Inna

Yayana dillalin shanu ne a karar Talata Mafara, kuma duk wanda ya taɓa cin kasuwa da shi zai gaya maka mutum ne mai ido. Daga nesa yake gane saniyar da aka ɗura wa ruwa don ta cika ido. Amma ka miƙa masa waya, sai ya zama wani mutum daban: yatsa ya riga tunani, tunani kuma ba ya biyo baya. Ina faɗin haka ba da wasa ba, don har yau in na tuna abin da ya yi mini raina yana ɓaci.

Innarmu tana da saniya guda, ja, mai farin tabo kamar tafin hannu a ƙarƙashin wuya, da ƙaho na hagu da ya ɗan karye a tsini. Jikanyar saniyar da uwar Inna ta ba ta ce lokacin da ta haifi yayan nan nawa. Kamar yadda kowa yake yi a unguwarmu, ba a gida muke ajiye ta ba. Tana hannun wani Bafulatani aminin mahaifinmu, can wajen Maradun, yana kiwo yana shan nono, mu kuma namu 'ya'yan. Da Bafulatanin ya sayi babbar waya sai ya shiga turo mini hotuna da bidiyo ta manhajar hira. Ga ta tana cin harawa, ga ta a mashaya, ga ta tana lasar ɗan maraƙinta. Kowane bidiyo da gaisuwa yake farawa, doguwa, sai ya tambayi gida kaf kafin ya juya waya wajen saniyar.

Ni ina koyarwa a Bakura, ƙarshen mako nake zuwa gida. Idon Inna ya yi rauni tun lokacin, ba ta ganin komai a gilashin wayar sai inuwa. Amma da na zauna za ta ce in kunna mata, ta kara wayar a kunne, tana amsa gaisuwar Bafulatanin kamar yana tsaye a ƙofar ɗaki. In saniyar ta yi kuka sai ta yi dariya ta ce ta gane muryar, wai irin ta kakarta ce.

Sai aka kora garken. Ɓarayi suka zo rugar suka tafi da shanu, suka haɗa da wayar mutumin. Shi ya tsira da iyalinsa, ya tashi daga yankin, lambarsa ba ta ƙara shiga ba. Abin da ya rage mana na saniyar nan duk duniya shi ne abin da ke cikin wayata. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, amma ta ƙara yawan cewa in kunna mata.

Wata Talata muna hutun makaranta, yayana ya shigo da sassafe ya ce wayarsa ta faɗa kwatami, kuma wani mai saye daga kudu yana jiran ya ga bidiyon wani bajimi kafin ya ce a ɗora masa a mota. Haka ake ciniki yanzu, a zagaya sa da waya, a nuna tozo da gaba da baya. Na ba shi tawa. Yaya ne, me zan ce?

Da yamma ya dawo da ita yana fara'a, har da cewa ya yi mini gyara. Wai da ya zo ɗaukar bidiyon sai wayar ta ce ba wuri, shi ne ya share mini tarkacen tsofaffin hirarraki. Na karɓa na duba. Zauren 'yan ajinmu ya zama fanko, wannan ban damu ba. Na gangara ina neman hirata da Bafulatani, babu ita.

Na ce, "Yaya, ina hirar mai kiwonmu?"

Ya ce, "Ita ta hi kowace nauyi, ita nif fara gogewa. Lambar da ba ta shiga, mi za ka yi da ita? Hotunan ai suna galari, kwantar da hankalinka."

Na buɗe galari a gabansa. Hotunan da na ɗauka da hannuna suna nan. Na saniya ko ɗaya babu. A wurinsu sai ga wani ƙaton farin bajimi yana kallona, bidiyo bayan bidiyo, da muryar yayana yana yabon tozo.

Ga abin da ya faru, don na bi diddigi. In za ka goge hira, wayar tana tambayarka, kuma a ƙarƙashin tambayar akwai ɗan akwati da ke cewa a haɗa da hotuna da bidiyon da suka shigo ta wannan hira a share su daga galari. In ka bar akwatin fanko, hira ta tafi, hotuna su zauna. In ka sa masa alama, komai ya tafi tare. Yayana ya sa alama, da bakinsa ya faɗa, don ya ga in bai sa ba wurin ba ya ƙaruwa sosai. A lissafinsa hoto biyu ne, ɗaya a hira ɗaya a galari, kamar mai ajiye hatsi a rumbu biyu. Alhali guda ne, galarin nuna maka shi kawai yake yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba rashin sanin ba ne. Kowa yana iya rashin sani. Amma wayar ta tsaya ta tambaye shi, ni mai wayar ina gida, tsakanina da kara tafiyar babur ce, bai ga ya dace ya aiko a tambaye ni ba. Mutumin da ba zai kwance igiyar akuyar wani ba sai da izini, shi ne ya shiga wayata ya yi shara. Da na ɗaga murya sai ya ce, "Kai, don hoton saniyad da ta riga ta tahi kaka yi min tsawa? Ni na girme ka hwa." Nan maganar ta mutu, don a gidanmu in aka kawo girma an gama shari'a.

Washegari na kai wayar wurin mai gyara a bakin tasha. Ya duba kwandon shara na galari, babu komai. Ya tambaye ni ko na taɓa sa wayar ta riƙa adana kaya a intanet, na ce a'a. Ya ce rubutun hira da wuya ko da sauƙi ana iya gwada dawo da shi, amma hotuna da bidiyon sun tsufa, ba sa sake saukowa, sai dai wanda ya turo ya sake turowa. Wanda ya turo kuwa ban san ƙasar da yake takawa ba. Inna kuma na ce mata wayar ce take ba da matsala. Ta ce Allah ya kyauta, a gyara.

Damina ta wuce. Wata Talatar ina gida yayana ya kira ni. "Zo kara yanzu yanzu, na ga saniyar Inna. Taho da wayakka, hotunan nan muka so."

Na tsaya riƙe da waya a kunne. Na ce, "Waɗanne hotuna, Yaya?" Wallahi ya manta. Abin da ya hana ni barci makonni, shi ko a ƙwaƙwalwarsa bai samu wurin zama ba.

Na je duk da haka. Ita ce, ta rame har ana ƙirga haƙarƙari, amma tabon yana nan, ƙahon yana nan. Wanda ya kawo ta dattijo ne daga wata kasuwa, ya ce saye ya yi, kuma ga wanda aka yi cinikin a gabansa. Ban zarge shi ba, ta yiwu hannu nawa ta bi kafin nasa. Aka kai magana gaban shugaban kara, a rumfarsa, dillalai suka zagaye mu. Ya saurari kowa, sannan ya ce wa yayana, "Jan shanu masu hwarin tabo ba su ƙirguwa, kai ma ka sani. Kawo mai kiwon ya shaida, ko ka gwada muna hotonta a garkenku. In na gani da idona, ba ta hita nan."

Hoto guda ake nema. Ni da na taɓa riƙe bidiyon da ake jin Bafulatani yana ambaton Inna yana shafa tabon nan da hannunsa. Duk idanu suka juyo kaina, don yayana ya riga ya cika baki cewa ƙaninsa malami yana da komai a waya. Na ce an goge. Wani ya ce wa ya goge? Na kalli yayana, ya kalli takalminsa. Ban faɗa ba, kuma har yau ina jin haushin wannan kunyar da na yi masa.

Shugaban ya ba mu har la'asar ko za mu samo mai kiwon. Ba mu samo ba. Ba mu kuma da ƙarfin sayen abin da yake namu. Ina tsaye aka ja ta aka hau da ita babbar mota tare da shanun kudu. Ban ce ta waiwayo ta kalle ni ba, ba ta san ni ba, ni ne na san ta.

A hanya muka shirya ba za mu gaya wa Inna ba. Da muka shiga tana kan tabarma, ta ce, "An gyara wayag ga kuwa? Na yi kewar kukanta."

Kafin in buɗe baki yayana ya zare wayar daga aljihuna. Ya raɗa mini, "Ba ta gani, kowane sa ɗai ne gare ta." Ya kunna bidiyon farin bajiminsa, wurin da bai fara surutu ba, ya sa mata a hannu. Da ba uwarmu ce zaune ba, ranar da na manta ya girme ni.

Inna ta kara a kunne. Tana jiran gaisuwa, gaisuwa ba ta zo ba. Sai ihun masu kora, da ƙarar babura, da wani yana taya farashi. Ta daɗe tana saurare, har bidiyon ya ƙare. Sannan ta sauke wayar a cinyarta a hankali.

Ta ce, "Wagga hayaniyar kara ta. Ashe kasuwa anka kai ta."

Ta miƙo mini wayar ta ce in ajiye. Daga ranar ba ta ƙara cewa in kunna mata ba.