Haruffan Allon Shagon

A shekarar da masara ta gagari talaka, ƙanena ya bar gona ya tafi neman aiki. Bayan wata biyar wata baƙuwar lamba ta turo mana hotonsa, yana tsaye a ƙarƙashin allon wani shago. Inna ta ce in kai Ɗambatta a wanke, a sa sunansa a ƙasa da irin rubutun allon.

Mai wanke hoton ya faɗaɗa shi a kwamfuta, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wane rubutun kake so? Iri biyu ne."

Ya nuna mini sunan shagon. Haruffansa ba su da ƙafa, kaurinsu ɗaya daga sama har ƙasa, kuma sun karkata yadda allon ya karkata. Sai ya nuna kalmar Zariya da ke ƙasan sunan shagon. Haruffanta suna da 'yan ƙafafu a bakin kowane layi, wani wurin siriri, wani wurin kauri. Ya laluba jerin rubutun da ke kwamfutarsa, ya buga kalmar, ta fito sak.

"Ka ga wannan a miƙe take, ba ta bi allon ba. Bayan an ɗauki hoton aka ɗora ta."

Na sake duban fuskar ƙanena. Ba ya murmushi, kuma idonsa na kan wani da ke gefe, wanda bai fito a hoton ba.

Na kira lambar sau tara a kan hanyar gida, a kashe take. Inna ta rataye hoton a ɗakinta, duk wanda ya shigo sai ta ce yaron yana Zariya. Har yau ban iya buɗe baki na faɗa mata cewa ɗora sunan garin aka yi ba.