Rigar Firjin Inna Tela

Duk abin da ya shiga ɗakin Inna Tela ya kwana biyu, to sai ta ɗinka masa riga. Talabijin na da tasa, keken ɗinki na da tasa, fanka ma idan lokacin sanyi ya zo sai an tufatar da ita. Maƙwabta suna tsokanarta cewa ko baƙo ne ya daɗe a zaune bai motsa ba, za ta ɗauko tef ta auna shi. Ba ta jin haushi. Shekara talatin tana ɗinki a falon nan, da shi ta ciyar da 'ya'ya huɗu bayan rasuwar mahaifinsu, kuma a wurinta barin abu tsirara cikin ƙura rashin tarbiyya ne.

Rigar da ta fi alfahari da ita ita ce ta firji. Yadin labule ne mai kauri, ta yi masa shafi, ta yanka shi ya rufe sama da gefe da baya har ƙasa, saboda ta tsani ganin baƙaƙen ƙarafan nan na bayansa. Ta gaba kuma ta sa masa geza mai lilo a kan goshin ƙofa. Firjin yana tsaye manne da bango, taku biyu daga teburin yanka, kuma shi kaɗai ne a gidan hayar gaba ɗaya. Watanni ke nan yana gurnani ba tsayawa. Inna takan shafa shi ta ce, "Nawa ba rago ba ne, irina ne, bai san hutu ba."

Sai Auta, 'yarta ta ƙarshe, ta haihu a wata bakwai. Tiyata aka yi mata, aka sa jaririn a kwalba a ɗakin bakwaini, ita kuma aka sallame ta. Ba a yi kwana uku ba ɗinkin cikinta ya buɗe ta gefe, likita ya ce ta kwanta, kada ta kuskura ta hau motar haya. Mijinta direban babbar mota ne, yana can kan hanya. Saboda haka Auta ta kwanta a ɗakin uwarta tana tatsar nono a kofi, kaɗan-kaɗan, a juye a kwalabe biyu a sa a firji. Kowace safiya Inna ta jera su a kula, ta hau mota biyu ta kai asibiti. Ta lura ƙanƙarar da take sawa a kular rabinta ruwa ne, amma hankalinta ba a nan yake ba.

Ranar farko Sista, ma'aikaciyar jinyar ɗakin, ta buɗe kwalba ta sansana, ta yamutsa fuska ta ce ya yi tsami. Rana ta biyu haka. Rana ta uku ta ja Inna gefe, ta nuna mata jikan nata ta gilashi. Bai fi tafin hannu biyu ba, ga siririn tiyo a hancinsa, cikinsa ya kumbura yana ƙyalli.

"Mama, madarar gwangwani ba ta karɓe shi ba. Hanjinsa bai yi ƙwari ba. Nonon uwarsa muke so, amma ba zan ba shi wannan ba, kashe shi zai yi. Kuna sawa a firji kuwa?"

"Wallahi muna sawa, 'yar nan. Firjin ma ko minti ɗaya ba ya tsayawa."

"To a duba shi yau. Yau fa, Mama."

Inna ta dafa gilashin ta ce, "Angona, ka yi haƙuri, ka jira ni." Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da aka rufe mijinta.

Da ta isa gida Auta ta ga kular, ta ji kwalaben suna kaɗawa cike kamar yadda suka tafi. Ta juya fuska bango.

"Na faɗa miki, Inna, nonona ne ba shi da kyau. Jikina ya kasa riƙe shi wata tara, yanzu kuma ya kasa ciyar da shi. Ki ɗauke kofin nan."

"Auta, tashi ki tatsa."

"Tun jiya da yamma ban tatsa ba, kuma ba zan sake ba. In tatsa a zubar?"

Inna ta san idan aka daina tatsa nono ɗaukewa yake yi. Ta buɗe firjin ta murɗa maɓallin sanyi, ta tarar tun shekaranjiya ta kai shi ƙarshe. Ta taɓa robar ruwa, sanyinta bai fi na randa ba. Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita cikin ranar.

A ƙarshen layi akwai wani dattijo mai gyaran firji da ake kira Sanyi Ƙalau, mutum ne da ko gobara ta tashi sai ya gama goge tabarau. Ta same shi tsugune gaban injin wani, ta zayyana masa komai a numfashi ɗaya. Masu zaman shagon suka ce ai gas ne ya ƙare, a ɗura masa kawai. Dattijon ya ce shi ba ya ɗura wa firjin da bai gani ba, ya ɗauki jakarsa ya bi ta. Da jin maganar jariri, ranar har sauri ya yi.

Ya tsaya a ƙofar falo yana kallon firjin cikin rigarsa.

"Hajiya, wannan wa ya yi masa kwalliya?"

"Ni ce. Malam, don Allah bar zancen kwalliya, duba injin."

Bai duba injin ba. Ya yagi takarda daga littafin awonta, ya buɗe ƙofar, ya sa takardar a bakinta ya rufe, ya ja. Ta ƙasa takardar ta yi gardama. Ta gefe ma haka. Da ya kai kusurwar sama sai ta zare salin-alin, kamar ba a rufe komai ba. Ya ɗaga gezar da yatsa. Duk lokacin da aka rufe ƙofar, gezar takan shige tsakanin jikin firjin da robar da ke zagaye da ƙofar, har robar ta lotse a wurin ta kama datti. Daga ciki kuwa, daidai nan, ga gumi yana tsattsafowa.

"Kin gani? Ta nan iska mai zafi take shiga dare da rana. Wannan ɗaya ke nan."

Ya zare wayar daga soket, ya ce ta kama su ja shi daga bango. Da ya ɗage rigar ta baya, wani zafi ya bugi fuskar Inna kamar ta leƙa dutsen guga. Ƙarafan nan da ta ɓoye ba a ma ganinsu. Ƙurar yadi da guntayen zare na shekara da shekaru sun lulluɓe su, sun yi kauri kamar bargo. Injin da ke ƙasa ba ya taɓuwa.

"Hajiya, firji ba sanyi yake ƙerawa ba. Zafin ciki yake kwasowa ya zubar waje, kuma ta waɗannan ƙarafan yake zubarwa. An toshe su da ƙura, an rufe da yadi, an manna da bango. Zafin ina zai je? Shi ya sa cikin bai taɓa kai sanyin da injin zai tsaya ba. Mai lafiya yana aiki ya huta. Wannan ba ƙwazo yake yi ba, wahala yake sha."

Inna ta zauna a kan kujerar kekenta. Hannunta ne ya auna yadin, hannunta ya yanka, har da shafi don ya yi kauri. Kwana uku nonon da 'yarta ta tatsa tana cije leɓe yana lalacewa a cikin wannan riga, jikanta na can ciki a kumbure. Ba ta yi kuka ba, don babu lokacin kuka. Ta tuɓe rigar ta wurga bayan ƙofa, ta ce, "Me zan yi?"

Ya ba ta buroshi mai laushi, ya ce ta bi ƙarafan a hankali kada ta lanƙwasa siraran bututun. Ta durƙusa tana sharewa tana atishawa, sai da ta cika leda. Shi kuma ya wanke robar ƙofar da ruwan ɗumi da sabulu, ya gasa wurin da ya lotse da tsumma mai ruwan zafi yana jawo shi da yatsa har ya taso. Ya sake gwajin takarda, wannan karon ta kama. Ya ce robar ta tsufa, a canza ta cikin makon, amma za ta riƙe. Suka mayar da firjin, ya bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, ya dawo da maɓallin tsakiya, ya sa ma'aunin zafi a kofin ruwa ya ajiye ciki, ya kunna.

"Kada a buɗe. Zai ɗauki awanni. In injin ya yi shiru da kansa, kuma ma'aunin ya sauka huɗu, to an dace. In bai tsaya ba, sai mu koma maganar gas ko injin, wannan kuwa ba aikin yau ba ne."

Saura abu mai wuya. Inna ta wanke hannu, ta ɗauki kofin da ta tafasa, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado.

"Auta. Nononki lafiyarsa ƙalau. Firjin ne ba ya sanyi, kuma ni na hana shi. Rigar da na ɗinka masa ce. Ni na ɓata abincin ɗanki, ba ke ba. Ki zage ni daga baya, zan zauna in ji. Amma yanzu ki tashi."

Auta ta juyo, idanunta sun kumbura.

"Rigar nan mai geza?"

"Ita."

"Inna, kwana uku ina roƙon Allah ya ɗauke ni ya bar shi."

"Na sani. Ki yafe mini."

Ba ta ce ta yafe ba. Ta miƙa hannu a tayar da ita. Inna ta jingina ta da filo, ta gasa mata ƙirji da tawul mai ɗumi. Minti ashirin suna fama, abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba.

Rana ta yi sanyi, Inna na zaune gaban firjin kamar mai jinya, tana jin gurnaninsa yana cin ranta. Gab da faɗuwar rana ta ji ƙas, falon ya yi tsit. Ta ɗauka wuta aka ɗauke, sai ta ga fanka na juyawa. Ma'aunin ya nuna shida. Kafin su ci abincin yamma ya sauka huɗu.

Washegari ta isa asibiti da kwalba ɗaya, ita ma rabi, kwance cikin ƙanƙara mai tauri. Sista ta taɓa ta, ta buɗe ta sansana, sai ta ɗauko sirinji. Inna ta manne da gilashi tana kallon farin yana bin tiyon a hankali har ya shige.

"Wannan sau uku kawai zai yi, Mama. Sau takwas yake ci a rana. Ki ce mata ta dage."

Inna ta fito baranda, ta zauna a ƙasa ta kira Auta a waya.

"Ya sha, Auta. Sun karɓa."

Daga can Auta ta tambaya:

"Ya ishe shi?"

Inna ta so ta yi mata ƙarya, ta kasa. "Bai isa ba."

"To," in ji Auta. "Ajiye wayar, Inna. Hannu biyu nake buƙata."